Lasisin Babi-da-Aya

A bakin tashar jiragen ruwa akwai wani layi na ofisoshin 'yan fito, wato masu tsaya wa 'yan kasuwa a gaban kwastan su fitar musu da kaya. Ofis na ƙarshe, wanda ke jingine da katangar sito, na wani dattijo ne da kowa ke kira Babi-da-Aya. Ɗaki ne ƙarami mai taga guda. Akwai tebur na ƙarfe, da fanka da ke juya kai tana ƙara, da benci na baƙi wanda ba wanda ke son daɗewa a kansa. A jikin bango, cikin gilashi, an rataye lasisinsa na fito. Shekara da shekaru yana sabunta shi, ba a taɓa ɗiga masa jan biro ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji wannan magana ko bai tambaya ba.

Ya fara aikin ne tun zamanin tafireta, lokacin da ake jera takarda da kabon a buga bayanin kaya, in aka yi kuskuren harafi ɗaya a yage a sake. Wani tsohon magatakarda ne ya koya masa, da rula a hannu. A wurinsa ya haddace littafin kuɗin fito, wanda ya raba duk abin da ɗan Adam ke saye da sayarwa babi-babi, tun daga dabba mai rai har zuwa kayan tarihi. Kowane kaya yana da lamba. Alƙaluma biyun farko na lambar babi ne, huɗun farko kan magana, shida na farko kusan duk duniya ɗaya suke, sauran kuma ƙasa ce ke ƙarawa. Lambar ce ke faɗin kuɗin fiton da za a biya, da takardun izinin da za a nema. A wancan zamani 'yan fito sukan sa farar riga da guga, jami'i kuma ya karanta takarda da idonsa, ya sa hannu da alƙalami. Yanzu an koma kwamfuta, yara suna kwafo lamba daga aikin jiya su liƙa a na yau. Babi-da-Aya ya tsani wannan kamar mutuwarsa.

Sunan ya samo asali daga halinsa. Ba ya musu sai ya kawo babi ya kawo aya. Ba ya kuma rubuta lamba sai ya wanke mai kaya da tambaya.

"Takalmi ka ce? Samansa fata ne ko roba ko yadi? Ƙasansa fa? Ya rufe idon sawu?"

"Baba, takalmi ne dai na sawa a ƙafa."

"Na ɗauka na sawa a ka ne. Tashi ka je ka tambayo wanda ya sayar maka. In ka gano abin da ka saya, ka dawo."

Mutane sukan fita suna zaginsa, sa'an nan su dawo, domin kayan da ya rubuta wa lamba ba sa kwana a tasha. Jami'an kwastan ma ba sa ƙaunarsa. Ya sha gyara musu karatu a gaban jama'a, kuma ba ya yin gyaran a hankali. Ba shi da aboki a layin. In ana hira ya iso, sai kowa ya tuna yana da aiki.

Mutum ɗaya ne a duniya Babi-da-Aya ba ya yi wa tambaya, shi ne Auta, ƙanen matarsa.

Auta yana da ƙaramar masana'antar yogot a bayan gari, wadda aka kafa da gadon mahaifinsu, saboda haka matar Babi-da-Aya ma tana da kaso a ciki. Garin madara yake shigowa da shi daga waje, buhu-buhu a kwantena. Tun shigowar kayansa na farko suka ɓata. A gidan surukai, ana zaune ana cin abinci, wani ya tambayi Auta yadda aka ƙare da tasha, sai ya ce, yana dariya, ai ɗan fito ɓarawo ne, bambancinsa da na kasuwa shi ne lasisi. Babi-da-Aya ya tsame hannu daga kwano, ya wanke, ya sa takalmi. Daga ranar bai ƙara ce wa Auta uffan ba. Auta ya jira a huce, da ya ga ba a huce ba shi ma ya ɗauki zafi. Aka yi aure, aka yi rasuwa, yara suka girma suka yi nasu yaran, mutanen nan biyu ba sa ga-maciji.

Amma aikin bai tsaya ba, domin matar ta rantse kuɗin gidansu ba zai tafi aljihun bare ba alhali mijinta na da lasisi. Ita ta zama gada. In kaya sun taso, Auta ya ba ta takardu, ta sa a jakar cefane, ta ajiye wa mijinta a kan tebur kusa da abincin rana.

"Ga na yaron nan."

"Mene ne a ciki?"

"Me kuwa? Madara."

Shi ke nan tambayar, ita ke nan amsar. Garin madara babi na huɗu ne, kan magana 0402, ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa. Ya duba nauyi, ya duba yawan maiƙon da aka rubuta, ya sa lamba, ya aika. Abin da yake zagin yara a kai, shi yake yi wa kayan Auta, sai dai shi ba ya kiransa kwafe.

Ranar da abin ya fashe, kwamfutar kwastan ta jefa kwantenar Auta a jan layi, wato sai an buɗe an duba da ido. Babi-da-Aya ya tafi filin bincike da laimarsa, ransa a ɓace don an ɓata masa safiya. Jami'ar da ke aiki sabuwa ce a tashar, mace mai gilashi, ba ta da yawan magana. Aka yanke hatimi, leburori suka sauke buhuna. Ta sa aka juya ɗaya, ta tsuguna tana karanta ƙananan rubutun da ke bayansa.

"Baba, kai ka shigar da wannan?"

"Sunana ne a kai, ai kin iya karatu."

"Ka sa shi a babi na huɗu."

"A na nawa kike so in sa madara? A na tayoyin mota?"

Leburori suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta sa yatsa a kan layin.

"An cire wa wannan maiƙon nono, an zuba man kwakwa a madadinsa. Ga shi a rubuce. Ka san abin da bayanin farkon babi na huɗu ya ce a kan madarar da aka musanya wa wani sashe nata da wani abu."

Ya sani. Ya san shi kamar sunansa. Madarar da aka ƙara wa sukari tana nan a babinta, amma wadda aka cire wa nata maiƙo aka sa na tsiro ta fita daga babin gaba ɗaya, ta zama haɗaɗɗen abinci, ta koma babi na sha tara, kan magana 1901. A littafin ƙasar na wannan shekara kuwa, kuɗin fiton wannan ya fi na madara tsantsa nesa ba kusa ba. Ya dubi buhun. Ba tambarin kamfanin da ya saba gani ba ne.

Da a ce ya yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Jami'ar ta ce ya gyara bayanin, a biya cikon kuɗin fito da tarar da doka ta yanka, kaya su fita. Amma leburori na tsaye, 'yan fito biyu na layinsu sun matso suna kallo, ɗaya har ya fara murmushi. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

"Rubutun buhu ba shaida ba ne," ya ce. "Ina fito tun ba a haife ki ba. Ban yarda ba. A ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji."

"Haƙƙinka ne, Baba. Sai dai ka san kayan ba za su motsa ba sai sakamako ya dawo."

"Ba sai kin koya mini ba."

Aka ɗebi samfur, aka sa hatimi, aka mayar da buhuna, aka rufe kwantena. Tun kafin ya kai ofis labari ya riga shi. Wani yana cewa da ƙarfi, don ya ji, yau babi ya ɓace wa mai aya.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana tsince shinkafa.

"Ki tambayi ƙanenki yaushe ya sauya kamfanin da yake sayen madara."

"Wani abu ya faru ne?"

"Ki tambaye shi dai."

Ta buga waya a gabansa. Muryar Auta tana fitowa sarai. Ya ce ya sauya tun bara, wannan ta fi araha kuma ta fi kama yogot, to mene ne? Madara ai madara ce.

"Ki ce masa jaki ma ya san bambancin dusa da ƙasa," Babi-da-Aya ya ce.

"Yaya, ki ce wa mijinki ina jinsa. Ki ce masa ni yogot nake yi, ba ni na ce na haddace littafi ba."

"Ni ba zan faɗa wa kowa komai ba," ta ce. "Ga ku ga juna, kunnuwanku lafiya lau."

Ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninta da mijinta. Auta ya kashe daga can.

Ɗakin gwaji ba ya sauri don wani. Mako ya bi mako. Kwanakin alfarma da kamfanin jirgi ke bayarwa suka ƙare, kuɗin jinkirin kwantena ya fara hawa, na ajiya a tasha ma haka, kullum sai sun ƙaru ko ana hutu. Madarar da ke siton Auta ta ƙare. Injinan yogot suka tsaya, ya sallami masu tura kurar sayarwa, shagunan da yake kai wa suka koma wa wani. Ya zo gidan yayarsa sau da yawa, amma iyakarsa ƙofar gida. Yana tsaye yana faɗa, Babi-da-Aya yana ɗaki yana ƙara muryar rediyo.

"Ya janye wannan gwajin, Yaya. Kowa a tasha ya ce ya san ba shi da gaskiya. Da gayya yake yi don ya kashe ni."

Matar ta shiga ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, tsakaninka da Allah, kana da gaskiya?"

Ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

"Ka san rabona yana cikin abin nan da ke ruɓewa a tasha."

"Garin madara ba ya ruɓewa a wata ɗaya."

"To mutunci fa?"

Ya juya mata baya. Sau biyu ya rubuta takardar janyewa, sau biyu ya yage. Abin da ya kasa shi ne hawa benen kwastan ya miƙa wa yarinyar nan mai gilashi da hannunsa.

Sakamako ya dawo yadda kowa ya sani: man tsiro ne. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yayin da ake jira, jami'ar ta tura maganar ga sashen da ke bin diddigin kayan da suka riga suka fita, suka waiwayi bayanan Auta na baya. Suka tarar kwantenoni biyu daga sabon kamfanin sun wuce ta koren layi ba a buɗe ba, duka da lambar madara tsantsa, duka da sunan Babi-da-Aya. Kuskure ɗaya kuskure ne. Uku a jere kuwa, sai a tambayi ko da gangan ne. Aka rubuta wa Auta ya biya cikon na baya da na yanzu da tara. Aka rubuta wa Babi-da-Aya ya bayyana gaban kwamitin lasisi, ya faɗi dalilin da zai hana a dakatar da shi.

Wani tsohon ɗan fito, wanda ba ya ƙaunarsa amma ya ji tausayinsa, ya tare shi a bakin layi.

"Hanya ɗaya ce. Mai kaya ya ce ka tambaye shi abin da ke ciki, shi ne bai faɗa maka daidai ba. Shi dai tara zai biya ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Kai kuma a ja maka kunne a sake ka. Surukinka ne, je ka roƙe shi."

"In roƙi wa?"

"To zauna. Girman kai rawanin tsiya."

Bai je ba. Ya dai ce wa matarsa, yana kallon bango, in ta ga dama ta gaya wa ƙanenta abin da ake bukata. Ta ce ƙarya ce ba za ta ɗauka ba, ta gaji da dakon maganar maza biyu masu furfura. In yana so, ga hanya, ya san gidan.

Ranar zaman ya sa farar riga da guga. Ɗakin yana hawa na biyu, da dogon tebur da tuta a kusurwa. Shugaban kwamitin babban jami'i ne mai tumbi, wanda Babi-da-Aya ya taɓa gyara wa lambar injin niƙa a gaban 'yan kasuwa, lokacin jami'in yana ƙaramin ma'aikaci. Jami'ar mai gilashi tana gefe da fayil. Auta ya shigo a makare, ya rame, ya zauna a ɗaya ƙarshen benci, ya bar wurin mutum uku tsakaninsu.

"Baba, ba mu zo musun lamba ba," shugaban ya ce. "Ko har yanzu kana kan babi na huɗu?"

"Sha tara ne."

"Madalla. Ashe ana koyo har a tsufa. Abin da muke so mu sani, da gangan ne ko sakaci ne, kuma na wa." Ya juya ga Auta. "Kai ne mai kaya. Ka san an sa man kwakwa a madarar nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Don shi na saya. Ban san yana sauya lamba ba. Da na san lamba, me zai sa in ɗauki ɗan fito?"

"Ka faɗa wa ɗan fitonka?"

"Bai tambaya ba."

"Ko sau ɗaya? Mutumin nan da ke tambayar mai takalmi ko ya rufe idon sawu?"

Auta ya juyo ya dubi mijin yayarsa, karo na farko a shekaru masu yawa ido cikin ido. Babi-da-Aya ya kafe idonsa a kan tutar. Da ya ɗan sunkuyar da kai, ko ya motsa baki, wataƙila da Auta ya sassauta. Bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan ko gaisuwata ba ya amsawa. Rabon da ya yi mini magana, 'yata ta fari tana goye, yanzu ita ke goyo. Takarduna a jakar cefanen yayata suke zuwa masa. Kowane bare ya shiga ofishinsa sai ya tambaye shi har kakansa, ni kuwa ban kai a tambaye ni ba. Ku rubuta haka, ba ƙari ba ragi."

Jami'ar tana rubutu.

"Baba, haka ne?" shugaban ya tambaya.

"Haka ne."

"Kana da abin cewa?"

Yana da shi. Zai iya cewa takardar cinikin garin madara kawai ta ce, kuma gaskiya ne. Amma ya san amsar, domin shi da kansa ya sha faɗa wa yara: takardar ciniki sunan kasuwa take faɗa, aikin ɗan fito ne ya nemi takardar gwajin masana'anta ya ga abin da aka haɗa. Ya ce ba shi da abin cewa.

Kwamitin ya yarda ba zamba ba ce. Ya kira shi sakaci mai maimaituwa, ya dakatar da lasisin na rabin shekara, aka rufe masa shiga kwamfutar kwastan tun kafin ya sauko daga bene. A kan matakala Auta ya wuce shi, ya tsaya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba:

"Injina biyu na sayar don in fitar da kayan nan."

"Ka ga ribar araha," Babi-da-Aya ya ce.

Maganar da suka yi ke nan, kuma ba su ƙara wata ba.

Rabin shekara ba komai ba ne a rayuwar mutum, amma jirgi ba ya jiran kowa. Masu kayan da suka yi shekaru suna shan zaginsa suka koma ƙofa ta gaba, suka tarar ana fitar da kaya ba tare da an ce musu jakai ba. Kullum da safe yakan zo ya buɗe ofis, ya kunna fanka, ya zauna. Ba mai shigowa. Wani yaro daga cikin masu kwafe ya leƙo ya ce in Baba yana so, zai riƙa ba shi takardu ya duba masa lamba a ɓoye, a biya shi. Ya kore shi da laima.

Da wa'adin ya cika, aka ce ya kawo sabon mai tsaya masa daga banki kafin a buɗe masa. Ya je bankin, wani matashi ya duba takardar kwamitin, ya tambaye shi masu kaya nawa suka rage masa. Ya lissafa bai samu ko ɗaya ba, sa'an nan ya tashi ya ɗauki hularsa.

Matarsa ce ta zo da mai a-kori-kura suka kwashe kayan ofis. Ta sa aka ɗora tebur da benci, ta naɗe wayar fanka. Maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu, ba wanda ya taya, ba wanda ya yi dariya. Mai ginin ya iso da wani mai sayar da wayoyi, suna auna faɗin taga tun mutanen ba su fita ba.

"Malam, ka miƙa masa makulli mu tafi," ta ce. "Rana tana yi."

Ya laluba aljihu, ya ciro, ya ajiye a kan dakalin taga maimakon ya sa a hannun mai ginin. Sa'an nan ya hau gaban motar, ya ce wa direba ya bi ta bayan sito, kada ya bi ta layin.